Wasiƙar ɗage taron iyayen yara: tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Na daɗe ina riƙe da ofishin wata makarantar kuɗi a Kano, kuma duk takardar da hedimasta zai sa wa hannu ta hannuna take bi. Tambayoyin nan kullum su ake maimaita min, daga sababbin hedimastoci da sakatarorin fitiye, wato ƙungiyar iyayen yara da malamai, har da iyayen kansu, shi ya sa na ce bari in tattara su waje guda. Na sa musu lamba don in an ce duba amsa kaza a samu da sauri.

1. Tunda an riga an aika takardar taro, ba sai a faɗa wa yara da baki cewa an canza rana ba?

A'a malam. Takardar farko tana nan a gidajen mutane, wani ya liƙa ta a bango, wani ya ɗauke ta hoto a waya, wata ta riga ta nemi izini wajen mai gida ko wajen aiki saboda ranar. Maganar bakin yaro ɗan aji biyu ba za ta iya ture takarda mai hatimi ba. Yaro zai je gida ya ce "an ce babu mitin", uban ya ɗauko takardar ya ce ga shi nan a rubuce, kuma shi ke da gaskiya.

Aikin wasiƙa ta biyu kenan, ta kashe tsohuwar rana a kan mutane sannan ta dasa sabuwa. Yawancin masu rubutawa sabuwar ranar kawai suke kula da ita, su manta cewa tsohuwar ce ke kawo rigima.

2. Me da me ya zama dole ya shiga cikinta?

Tsohuwar rana da sabuwar rana, dukkansu, kuma kowacce da sunan ranar da kwanan wata da sunan watan a rubuce. Kar ka rubuta 1/11 ka tsaya, wani zai karanta ɗaya ga Nuwamba wani ya karanta sha ɗaya ga Janairu, ka rubuta Asabar 1 ga Nuwamba kowa ya huta. Sai lokaci da wuri, ko da ba su canza ba sai ka faɗa cewa ba su canza ba, don in ka yi shiru mutum zai ɗauka komai ya canza ya kama kiran ofis. Sai dalili a layi ɗaya (duba amsa ta 5), ban haƙuri, lambar da za a kira, sa hannu da hatimi.

Abin da ake yawan mantawa shi ne kwanan watan da aka rubuta wasiƙar kanta, a sama. Ranar da takardu biyu suka haɗu a hannun uba ɗaya, da wannan kwanan watan zai gane wacce ce ta baya-bayan nan. Kan wasiƙar ma ya bambanta da na farko. In ta farko ta ce "Gayyatar taron iyayen yara", wannan ta ce "CANJIN RANAR TARO" da manyan baƙi, saboda uwa mai girki in ta ga kai iri ɗaya cewa za ta yi ai na ga wannan, ta ninke ta ajiye.

3. Wace kalma ce daidai, ɗagewa ko sokewa ko dakatarwa?

Nan ne na fi ganin ana tafka kuskure. An ɗage, ma'ana taron yana nan amma sai wata rana a gaba. An soke, ma'ana babu shi kwata-kwata. An dakatar, ma'ana an tsayar kuma ba a sa rana ba tukuna. In kuma sabuwar ranar ta riga tsohuwar zuwa to ba ɗagewa ba ce, an matso da shi ne, kuma wannan ta fi haɗari don wanda bai samu labari ba ya rasa taron gaba ɗaya (amsa ta 7).

Kalmomin da nake roƙon mutane su guje musu su ne "gaba" da "baya". In ka rubuta "an dawo da taron baya" wallahi rabin iyaye za su fahimci an matso da shi, rabi su fahimci an jinkirta. Haka "Asabar mai zuwa", wanda ya karɓi takardar ranar Laraba da wanda ya tsince ta a jakar ɗansa ranar Lahadi ba Asabar ɗaya suke nufi ba. "Sati na sama" ma haka. A baki suna da daɗi, a takarda sai lamba.

4. Za ki iya nuna mana samfuri?

Ga wadda muka taɓa aikawa, na cire sunan makarantar. Abin da ya faru shi ne mun sa taro Asabar 25 ga Oktoba 2025 da ƙarfe tara na safe, takardu sun riga sun tafi, sai ranar Litinin wani malami ya tuna mana cewa ai Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ranar tsaftar muhalli a Kano, ba a zirga-zirga daga bakwai zuwa goma na safe. Duk ofishin babu wanda ya lura, ni da na buga takardar ma ban lura ba.

> 20 ga Oktoba, 2025
>
> Zuwa ga iyaye da masu riƙon yara,
>
> CANJIN RANAR TARON IYAYEN YARA DA MALAMAI
>
> Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna sanar da ku cewa taron da aka sa ranar Asabar 25 ga Oktoba da ƙarfe 9 na safe BA ZA A YI SHI A RANAR BA, saboda ya faɗo ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata.
>
> Sabuwar rana: ASABAR 1 GA NUWAMBA, 2025, ƙarfe 10 na safe, a harabar makaranta. A lura lokacin ma ya canza daga 9 zuwa 10. Abubuwan da za a tattauna suna nan yadda aka faɗa a takardar farko.
>
> Muna ba da haƙuri ga duk wanda ya riga ya shirya wa tsohuwar ranar. Mai tambaya ya kira ofis a lambar da ke saman wannan takarda. Allah ya ba da ikon halarta.
>
> Shugaban makaranta (sa hannu da hatimi)

Kun ga ba ta kai rabin shafi ba. A takardar A4 ɗaya guda biyu muke bugawa mu yanke da almakashi, makaranta mai yara 300 takarda 150 ta ishe ta. Abu ɗaya da zan gyara in yau ne, duka ranakun Asabar ne, kuma akwai iyayen da idonsu ya tsaya kan kalmar Asabar kawai suka ce ai babu abin da ya canza. In haka ta kama ka, ka ja layi a kan tsohuwar ranar ko ka sa sabuwar cikin akwati.

5. Dole ne sai an faɗi dalilin canjin?

Babu dokar da na sani a aikace tana tilasta ka, amma ka faɗa. In ka rubuta "saboda wasu dalilai da suka sha ƙarfinmu" ka tsaya, kafin magariba guruf ɗin iyaye ya cika da dalilan da ba kai ka faɗa ba, wani ya ce za a ƙara kuɗin makaranta ne ake ɓoyewa, wata ta ce mai makarantar da hedimasta ne suka samu saɓani. Layi ɗaya na gaskiya yana rufe wannan ƙofar. Tsaftar muhalli, jarrabawa a ɗakin taron, rasuwa, hutun da gwamnati ta ba da, duk ana faɗarsu kai tsaye.

Inda ake sakayawa shi ne abin da ya shafi sirrin wani. In rashin lafiyar shugaban fitiye ce ta jawo, ba sai ka zayyana ba, "wani uzuri da ya taso wa shugabannin taron" ya isa. In kuma laifin ofis ne kamar namu, ba ka buƙatar sakin layi guda na wanke kai, kuma don Allah kar a ɗora wa wani malami da suna a takardar da za ta shiga gidaje ɗari.

6. Ta yaya za mu zaɓi sabuwar ranar don kar a sake ɗagewa?

Kafin a buga komai a ɗauko kalanda a zauna mutum uku, hedimasta da shugaban fitiye da wani malami ɗan unguwar. Shi ɗan unguwar shi ne ya san abin da kalanda ba ta nuna ba, ɗaurin auren gidan mai unguwa, saukar karatun islamiyyar da rabin yaranka ke zuwa, ko musabaƙa. A garin da ke da kasuwar mako kar ma ka fara, makarantar da ke Wudil ta sa taro ranar Juma'a, ko ta Ɗambatta ranar Lahadi, ko ta Maigatari ranar Alhamis, kujeru za ta yi wa jawabi. A ƙauye da damina safiya ta gona ce, bayan la'asar ya fi.

Sai lokutan salla. Taron da aka fara ƙarfe sha biyu azahar za ta raba shi gida biyu kuma rabin mutanen ba za su dawo ba. Juma'a da safe mata na hidimar gida maza na shirin masallaci. In kana da iyaye Kiristoci, kamar makarantun Sabon Gari ko Kaduna ko Jos, safiyar Lahadi ta coci ce. Makarantar sakandare kuma ta duba jadawalin WAEC da NECO, wajen Mayu zuwa Yuli ɗakin taron ma ba naka ba ne.

Wanda ya fi kama mutane shi ne ƙarshen azumi. Watan yana iya yin kwana 29 ko 30, sai an ji sanarwar Sarkin Musulmi, saboda haka duk ranar da ke kusa da salla da kwana biyu ko uku ba abin dogaro ba ce, ga kuma iyayen da ke tafiya garinsu su yi sati. Ni dai shawarata a bar sati guda cur bayan salla.

7. Kwana nawa kafin taron ya kamata wasiƙar ta fita?

Lissafin daga tsohuwar rana ake yinsa in ɗagewa ce. Ka ba da aƙalla kwana uku na makaranta kafin tsohuwar ranar, domin a kowace rana akwai yaran da ba su zo ba, in ka raba Litinin kana da Talata da Laraba na cike giɓi. Wasiƙar da aka raba ranar Juma'a kan taron Asabar kusan ba ta da amfani, yara na tashi da wuri, jaka kuma ba za a buɗe ta ba sai daren Lahadi. In abin ya zo a ƙurarren lokaci haka, waya ce mafita (amsa ta 8 da ta 9), takardar ta biyo baya.

In matsowa aka yi, lissafin daga sabuwar rana ne kuma ka ba da sati guda ko fiye. In ba za ka samu satin ba gara ka ɗage kawai. Mutumin da ya zo ya tarar an ɗage zai yi fushi ya dawo, wanda ya zo ya tarar an riga an yi an yanke hukuncin ƙarin kuɗi babu shi, wannan kam sai ya ce da gangan aka yi, kuma da wuya ka iya wanke kanka.

8. A ba yara takarda ko a tura ta WhatsApp?

Duka biyun, don kowanne da inda yake yoyo. Takarda a hannun yaran nazare da ƙananan firamare tana ƙarewa ne a ƙasan jaka tare da ɓawon gyaɗa, wata ta zama jirgi tun kafin a fita get. Mu abin da muke yi, malamar aji ta maƙala ta da sitefila a littafin aikin gida, shafin aikin ranar, inda dole mai duba aikin ya gani. Manyan yara kuma wani lokacin da gangan suke ɓoyewa, musamman wanda ya san za a yi maganar sakamakonsa, to su sai an haɗa da waya.

Shi kuma guruf, matsalarsa saƙon yana nutsewa. Ka tura ƙarfe biyu, kafin huɗu "Allah ya kai mu" guda sittin sun binne shi. Admin ya rufe guruf ɗin na ɗan lokaci yadda shi kaɗai zai iya turawa, ya maƙale saƙon a sama, ya kuma goge hoton tsohuwar takardar in zai yiwu. A tura hoton wasiƙar mai hatimi sannan a rubuta ranar a ƙasa da rubutu, saboda mai ƙaramin data ba zai buɗe hoto ba. Kuma a haɗa da saƙon murya na rabin minti da Hausa. Akwai iyaye da kakanni da yawa da ba sa karanta boko, makarantar da ke rubuta wasiƙunta da Turanci zalla ta sani cewa yaron ne ke fassara wa uwarsa, kuma yadda ya ga dama zai fassara.

Kar a manta sau da yawa lambar uba ce a rijista amma uwa ce ke zuwa taron. Uban ya gani a kasuwa ya ce zai faɗa in ya koma gida, shi kenan an wuce wurin.

9. In tes za mu tura, yaya za a taƙaita?

Tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Amma da zarar ka sa harafi mai lanƙwasa ko guda ɗaya, ɗ ko ƙ ko ɓ, sai ya koma 70 kacal, saƙon da ya kamata ya tafi a ɗaya ya rabu uku, kuɗinka ya ninka uku, wasu ƙananan wayoyin ma akwatuna za su nuna a wurin harafin. Saboda haka a tes kaɗai nake yarda a bar lanƙwasa. Ga namu, harafi 145 ne:

```
Iyayen yara: Taron Asabar 25 ga Oktoba BABU shi. An dage zuwa Asabar 1 ga Nuwamba, karfe 10 na safe, a makaranta. A yi hakuri. Shugaban makaranta
```

In sunan makarantar ba ya fitowa a matsayin mai turawa, ka sa shi a ciki a maimakon "Iyayen yara", don uba mai yara a makarantu uku ba zai san wacce ke magana ba.

10. Wa ya kamata ya sa hannu, hedimasta ko shugaban fitiye?

Wanda ya sa hannu a ta farko shi zai sa a ta biyu, wannan ita ce ƙa'idar da nake bi. In hedimasta ne ya gayyata sannan canjin ya fito da sa hannun wani daban, mutane za su yi shakka. In su biyu suka sa a ta farko to su biyu. Hedimasta ba ya nan, mataimaki ya sa a madadinsa ya rubuta hakan, hatimin makaranta dai ya hau.

Amma ko da hannun hedimasta kaɗai ne, kar takardar ta fita shugaban fitiye bai sani ba. Na taɓa ganin inda Alhajin ya ji labarin ɗage taron da shi zai jagoranta daga bakin jikarsa. Bai ce komai ba, ranar taron dai ya aiko cewa yana da uzuri, kuma sai da mai makarantar ta taka har gida.

11. Ta yaya za mu gane saƙon ya isa, kuma me za a yi a tsohuwar ranar?

Wasu na sa ɗan yanki a ƙasan wasiƙar, uba ya sa hannu yaro ya dawo da shi. Yana aiki, malamin aji ya yi alama a rijista, washegari ya ga su wa ba su dawo da shi ba, su kaɗai za a kira a waya. Aji mai yara talatin watakila kira bakwai ko takwas ne, ba talatin ba. Wata alamar kuma ita ce wayar ofis, in ana ta kira ana tambayar "wai yaushe ne taron" to wasiƙar ba ta fito fili ba, koma amsa ta 2 da ta 3 ka ga me ka bari.

Duk da haka sai wani ya zo, wannan babu makawa. A ranar 25 ɗin nan tamu, bayan an buɗe hanya ƙarfe goma, wani dattijo ya sauka daga adaidaita da babbar rigarsa da takardar farko a ninke a aljihu, kakan wata yarinya ne, ba ya guruf, yarinyar kuma ba ta zo makaranta ba duk satin. Abin da ya cece mu shi ne mun bar wa mai gadi kwafin wasiƙar mun liƙa ɗaya a get, kuma malami ɗaya ya zauna har sha biyu. Malamin ya shigar da shi ofis ya ba shi ruwa ya ce "Baba a yi haƙuri, laifinmu ne", ya rubuta masa sabuwar ranar a bayan tsohuwar takardar. Da get a kulle ya tarar babu kowa, da labarin ya sha bamban.

12. Ni uwa ce, na shirya wa tsohuwar rana, sabuwar kuma ba zan samu zuwa ba. Ya zan yi?

Hajiya ki sanar da malamin ajin tun kafin ranar, kar ki bari sai bayan an yi. Ki tambaya ko za ki iya turo wakili, yawancin makarantu na karɓar kawu ko gwaggo ko babban wa, amma in za a kaɗa ƙuri'a kan kuɗi ki tambaya ko wakili na da baki. In kina da magana kan abin da za a tattauna ki rubuta ki ba sakataren fitiye ya karanta a wurin, sannan ki nemi a turo miki abin da aka yanke. In kuma maganar ɗanki ce ke kaɗai, ba sai taron ba, ki nemi ganin malamin a wata rana.

13. Dole mu ɗage amma ba mu san sabuwar rana ba tukuna, ko kuma karo na biyu kenan. Me za mu rubuta?

Kar ka ƙirƙiri rana don kawai takarda ta cika. Ka rubuta cewa an dakatar (amsa ta 3), sannan ka ba da ranar da za a ji daga gare ka, misali "za mu sanar da sabuwar rana kafin Alhamis 30 ga Oktoba". "Har sai abin da hali ya yi" ba ya gaya wa kowa komai, mutane za su ɗauka an soke.

Wani lokacin kuma ba laifin kowa ba ne. A 2023 zaɓen gwamnoni an sa shi 11 ga Maris, sai hukumar zaɓe ta ɗage shi zuwa 18 ga Maris ana saura 'yan kwanaki, duk makarantar da ta kauce wa 11 ta sa taronta 18 sai da ta sake takarda, ga azumi ya kama a satin da ya biyo baya. In irin haka ta same ka, wasiƙa ta uku ta ambaci ranakun baya duka biyun ta ce babu su, a rubuta "SANARWA TA UKU" a sama, in da hali a buga ta a takarda mai wani launi don a ce wa yara "mai ruwan ɗorawar ita ce daidai". Mu a wancan karon ma haƙura muka yi da taron zangon, muka haɗa shi da ranar karɓar sakamako, tunda ranar dai ko ba a gayyace su ba iyaye za su zo.